Rami da Harshe: Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Firam ɗin Teburin Katako

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon kafinta suke yawan maimaitawa idan aka zo haɗa ƙafafun tebur ba da ƙusa ba. Domin lissafi ya zauna wuri guda, duk amsoshin suna magana ne a kan tebur ɗaya: samansa santimita 120 a tsawo, 75 a faɗi, tsayinsa daga ƙasa santimita 75. Duk inda aka ambaci awo ba a faɗi ma'auni ba, milimita ake nufi.

1. Mene ne wannan haɗi na rami da harshe, kuma yaya ake kiran sassansa?

Katako biyu ne ake haɗawa, a fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin ɗaya, a sassaƙe bakin ɗayan ya zama harshe daidai da ramin. Wasu kafintoci mace da namiji suke ce masa. A tebur, ramin yana jikin ƙafa, harshen kuma yana bakin katakon da ke haɗa ƙafa da ƙafa a ƙarƙashin saman tebur. Wannan katako a nan za mu riƙa ce masa ɗamara, don shi ne ya ɗaure ƙugun teburin. Guda huɗu ne, biyu dogaye, biyu gajeru, saboda haka harshe takwas da rami takwas ke gabanka.

Faffaɗan gefunan harshe guda biyu su ne kumatu, su ne ke manne da bangon rami, kuma a kansu gam yake aiki. Ɗan dakalin da ya rage a gindin harshe bayan an sassaƙe shi kuwa shi ne kafaɗa, ita ce ke dafa jikin ƙafa. Mutane sun fi damuwa da harshe, alhali kafaɗa ce ke hana tebur rangaji. Za a dawo kanta a tambaya ta 10 da ta 12.

2. Me ya sa ba za a buga ƙusa ko sukuru kawai a huta ba?

Nauyin abin da aka ɗora a kan tebur ba shi ke kashe shi ba. Ja da turi ne: a ja shi a kan siminti, ƙafa ta turje a ƙasa, saman ya ci gaba. Ƙafar tana da tsawon 725, ga shi mahaɗar tana can sama, don haka ɗan turi a ƙasa yakan zama babban ƙarfi a wurin haɗin. Ƙusar da aka buga cikin bakin ɗamara ta bi jijiyar katako ne a tsaye, kuma nan ne katako ya fi raunin riƙo. Kullum tana ɗan motsi, raminta na buɗewa, har ranar da teburin zai fara rawa.

Harshe kuwa jikin ɗamarar ne da kansa ya shige cikin ƙafa. Kafin ƙafa ta karkata, sai dai kafaɗa ta nutse cikin katako, ko harshe ya zare, ko ƙafar ta tsage. Idan an yanka daidai, babu wanda ke faruwa da sauƙi a cikin ukun.

3. Wane katako ya dace, kuma me ya sa ake ta maganar bushewa?

Ƙafafu da ɗamara suna son katako mai ƙwari wanda jijiyarsa ta miƙe: maɗaci, iroko, tik, ko malaina da ta ƙosa. Farin katako mai laushi irin obeche yana da daɗin yanka, amma bangon raminsa na murƙushewa, kafaɗa ta nutse, haɗin ya saki. Ka guji duk inda kulli ya faɗo daidai wurin harshe ko rami. Sai dai maɗaci da iroko wani lokaci jijiyarsu kan sarƙe, sai kurfi mai kaifi sosai, in ba haka ba su ɓantare maimakon su yanku.

Bushewa kuwa ita ce tushen yawancin haɗin da ke saki a Arewa. Katako da yawa daga Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima, wani ma bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba. Katako yana ƙanƙancewa ta faɗi da kauri idan ya bushe, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Harshen da aka yanka a ɗanye cikin damina ya shiga cif, idan hunturu ya busa sai ya rame a cikin raminsa. Ka jera katakon a inuwa, a ɗage daga ƙasa, da ƴan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Hanya mai sauƙi ta gane ya bushe: yanki guntu daga cikinsa ka riƙa aunawa a sikeli duk mako. Idan nauyin ya daina raguwa mako biyu ko uku a jere, ya daidaita da iskar wurin. Kada a shanya shi a rana tsaka, yana tsagewa ya kuma lanƙwashe.

4. Waɗanne kayan aiki ne dole?

Tef, sukwaya wadda ka tabbatar ba ta karkace ba, wuƙar zana layi, gejin zana layi (mai tsinke biyu ya fi, don yana zana gefe biyu na rami a ja ɗaya), kurfi na 10 mai kauri don fafe rami, kurfi mai faɗin 25 don gyaran kumatu da kafaɗa, gudumar katako, zarto mai ƙananan haƙora da ƙarfe a bayansa, filen, da dogayen kilam aƙalla biyu waɗanda za su kama mita ɗaya da ɗoriya. Diril yana sauƙaƙa aiki amma ba dole ba ne.

Fensir na sa alama ne kawai. Layinsa yana da kauri, kuma rabin milimita nan, rabin milimita can, shi ne bambancin haɗi mai kyau da mai girgiza.

5. Yaya ake lissafin awon harshe da rami?

A teburinmu, kaurin saman 25 ne, don haka ƙafa 725 ce, kaurinta 60 da 60. Ɗamara kuma katakon inci ɗaya ne da aka goge ya koma 22, faɗinsa 90. An bar saman ya zarce firam da 50 ta kowane gefe, firam ɗin ya zama 1100 da 650 daga waje zuwa waje. Cire kaurin ƙafa biyu, wato 120, sai ka samu tazarar kafaɗa zuwa kafaɗa: 980 a doguwar ɗamara, 530 a gajera. Wannan tazara ita ce awon da ba ya karɓar kuskure.

Ƙa'idar da aka saba ji ita ce harshe ya zama sulusin kaurin katako. Wannan na inda katako biyun kaurinsu ɗaya ne, kamar firam ɗin ƙofa, domin kada bangon rami ya yi siriri. A tebur ƙafa ta ninka ɗamara kauri kusan sau uku, babu fargabar bango, don haka ana iya ƙara wa harshe jiki. Mu ɗauki 10, kafaɗa ta rage 6 ta kowane gefe. Ka daidaita wannan awo da ainihin faɗin kurfinka, ba da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Idan kurfin 9.5 ne, harshen ma 9.5.

Tsawon harshe 32, zurfin rami 35. Ukun da ta rage a ƙasan rami wurin taruwar gam ne, kuma ita ke tabbatar da kafaɗa ce ta fara dafa ƙafa, ba bakin harshe ya tokare ƙasa ba. Ke nan doguwar ɗamara za a yanka ta 1044, gajera 594. Dalilin tsayawa a 32 yana cikin amsa ta gaba.

6. Ramuka biyu na ƙafa ɗaya ba za su ci karo a ciki ba?

Za su ci karo idan ba a yi lissafi ba, domin kowace ƙafa tana karɓar ɗamara biyu daga fuska biyu maƙwabta, a tsayi ɗaya. Idan ka sa ramin a tsakiyar ƙafa mai 60, zai kama daga 25 zuwa 35, kuma da ka nutsa 25 ka faɗa ramin ɗaya gefen. Harshe mai tsawon 25 ko ƙasa da haka gajere ne ga tebur.

Maganin shi ne a matsar da ɗamara wajen ƙafa. A teburinmu ɗamara ta ja baya da 6 kacal daga fuskar waje, ga kafaɗa 6, ramin ya fara a 12 ya ƙare a 22. Yanzu akwai 38 kafin ka kai layin ɗaya ramin, shi ya sa zurfin 35 ya samu wuri. Kada dai bangon waje ya gaza 10, musamman idan za a buga fegi kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 14.

Mai son harshe mafi tsawo yana iya barin ramukan su haɗu da gangan: ya fafe kowanne 48, ya yi harshe 46, ya datse bakin kowane harshe a karkace, digiri 45, yadda za su fuskanci juna a ciki ba tare da sun taɓa ba. Yana ƙara wurin gam, amma idan bakunan suka tokari juna kafaɗa ba za ta rufe ba, kuma ba a ganin abin da ya hana.

7. Me ya sa ramin ba ya kaiwa har saman ƙafa?

Saman ɗamara da saman ƙafa a layi ɗaya suke. Idan harshe ya ɗauki faɗin 90 duka, ramin zai buɗe ta sama, ƙafa ta zama kamar baki a wangame, turi kaɗan ya tsaga ta. Don haka ramin yana farawa 20 ƙasa da saman ƙafa ya sauka zuwa 85. Faɗin harshe 65 ke nan, da ƴar kafaɗa 5 a ƙasa mai rufe bakin rami.

Wannan 20 ta sama ba a yanke ta duka. Ana barin ɗan dungu mai tsawon 10 ya shiga wata ƴar kwata mai zurfin 10 da aka fafe daga rami zuwa saman ƙafa. Aikinsa hana saman ɗamara murɗewa ya fita daga layi. Wanda bai yi shi ba teburinsa zai tsaya, amma a ɗamara mai faɗi ana ganin bambanci bayan shekaru. Sannan a bar wa ƙafa rarar 25 a sama lokacin fafe rami, wato a yanka ta 750, a datse rarar bayan an gama. Ita ke hana guntun katakon da ke saman rami fashewa sa'ad da kurfi ke dukansa.

8. Wanne ake fara yankawa, kuma yaya ake zana layi?

Rami ake fara yi. Faɗinsa kurfi ne ya yanke shi, gyara shi a ciki wahala ne, harshe kuwa a fili yake, ana iya aske shi kaɗan-kaɗan har ya shiga.

Kafin zane, kowane katako sai an goge shi ya miƙe, kusurwoyinsa sun zauna a sukwaya. A kowace ƙafa zaɓi fuska biyu na waje ka yi musu alama, a kowace ɗamara ka yi wa fuskar waje da gefen sama alama. Daga nan duk awo daga waɗannan fuskoki zai tashi, sukwaya da geji a kansu kaɗai za su jingina. Dalili kuwa, ko ƙafa ɗaya ta fi ƴar'uwarta kauri da milimita guda, fuskokin waje za su fito daidai, kuskuren ya ɓuya a ciki.

Tsayar da ƙafafu huɗun a dunƙule yadda za su tsaya a tebur, ka zana da'ira ko lamba a samansu, ka sa alamar inda kowane rami zai kasance. Wannan ɗan aiki yana hana kuskuren da ya fi kowanne ciwo, wato fafe rami a fuskar da ba ita ba. Sai ka kwantar da su gefe da gefe, ka matse da kilam, ka ja layin 20 da na 85 a kansu gaba ɗaya, kana aunawa daga inda za a datse rarar. Haka ɗamara biyu dogaye a matse su tare a ja layin kafaɗa da wuƙa, biyu gajeru ma haka. Tazarar tsinken geji kada a taɓa ta tsakanin rami da harshe. Abin da ke canzawa kawai jinginar gejin ce: 12 a ƙafa, 6 a ɗamara.

9. Yaya ake fafe ramin ya fito a miƙe?

Ɗaure ƙafar a kan benci, daidai saman ƙafar bencin inda ba ya dunƙusawa idan an buga. Tsaya a ƙarshen katakon, kana kallon ramin ta tsawonsa, don daga nan ne ido ke gane kurfi ya karkata hagu ko dama. Liƙa ɗan salatif a jikin kurfin a kan 35. Fara daga tsakiyar rami, kurfi a tsaye, ka buga ya nutse 5 ko 6, ka matsa baya kamar 3, ka sake bugawa, kowane bugu na faɗawa cikin gurbin na baya yana ƙara zurfi. Idan ka kusa ƙarshe ka juya kurfin ka nufi ɗaya ƙarshen. Ka bar 2 a kowane ƙarshe ba ka taɓa ba, domin a nan kurfi ke jingina idan kana ɓanɓaro ɓawon, kuma yana murƙushe bakin. Sai ramin ya kai zurfinsa za ka sare wannan 2 ɗin a kan layi, bayan kurfi mai santsi yana kallon bangon ƙarshe.

Mai diril ya sa baki na 8, ya huda jerin ramuka a tsakiyar layi, ya share sauran da kurfi. A nan hatsarin shi ne share kumatun ciki da kurfi mai faɗi: hannu kan kwanta, ramin ya fito baki faɗi ciki tsuke, ko akasin haka. Gwaji: sa ɗan miƙaƙƙen katako mai kaurin 10 a ramin ya tsaya, ka kai sukwaya kusa da shi. Idan ya jingina gefe, ɗamarar ma haka za ta jingina, kuma kafaɗa ɗaya za ta dafa, ɗaya ta bar ƙofa.

10. Harshen fa, yaya ake yanka shi?

Kumatu tukuna, kafaɗa daga baya. Ɗaure ɗamara a karkace, bakinta na kallon sama nesa da kai, yadda za ka riƙa ganin layi biyu lokaci guda, na baki da na gefe. Zarto ya bi ta gefen da za a zubar, yana shafar layin ba tare da ya cinye shi ba. Yanka daga kusurwa zuwa kusurwa, juya katakon ka yi haka ta ɗaya gefen, sannan ka tsayar da shi ka sauke ɗan tudun da ya rage a tsakiya har layin kafaɗa. Yanka biyun farko su ke jan zarto a na ukun. Kada ka zarce layin kafaɗa, duk abin da ka zarce rauni ne a gindin harshe, inda ya fi ɗaukar wahala.

Ga kafaɗa, zurfafa layin wuƙa, sannan ka sa kurfi daga gefen da za a zubar ka ɗebe ɗan siririn yanki ya zama kwari. Zarto ya zauna cikin kwarin ba ya tsalle. Yanka 6 kawai, ɓallin ya faɗi. Wanda hannunsa bai zauna ba ya yanka nesa da layi da milimita ɗaya, ya ƙarasa da kurfi mai faɗi, bakinsa a cikin layin wuƙar. A ƙarshe a cire 5 ta ƙasa, a fitar da dungun sama, a ɗan kashe kaifin bakin harshe don ya sami hanyar shiga.

11. Yaya matsewar da ta dace take?

Harshe ya shiga da ƙarfin hannu da nauyin jiki, ko da ɗan ƙwanƙwasa a ƙarshe, kuma idan ka ɗaga ƙafar ɗamara ba ta zame ta faɗi ba. Wanda sai an yi ta dukansa da guduma ya yi tsauri: idan gam ya jiƙa shi zai ƙara kumbura, ko ya maƙale a rabin hanya, ko ya tsaga ƙafa, ga shi kuma yana kankare gam daga bango yayin shiga.

Idan ya ƙi shiga, kada ka yi ta aske ko'ina. Shafa baƙin fensir a bangon rami, tura harshen har inda ya tsaya, zare shi. Inda ya yi baƙi ko ƙyalli nan ne ke tokarewa. Aske wurin da kurfi mai faɗi a gicciye, kana kallon layin geji don kada ka cinye kunci ɗaya harshen ya koma gefe. Kowane harshe da raminsa a ba su lamba ɗaya, domin aikin hannu ba ya yarda da musanya.

12. Harshe ya shige amma akwai ƙofa tsakanin kafaɗa da ƙafa. Me ya jawo?

Dubi siffar ƙofar. Idan ta zagaye ko'ina daidai, wani abu ne ya tokare a ciki: harshe ya fi rami tsawo, dungu ya fi kwatarsa tsawo, ko ɓawo ya taru a kusurwar ƙasa. Auna zurfin a kusurwoyi, ba a tsakiya kawai ba, don nan ne ake barin tudu. Idan fuska ɗaya ta rufe ɗaya a buɗe, ko dai kafaɗun biyu ba a layi ɗaya suke ba, ko rami ya karkata kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 9. Idan sama ta rufe ƙasa a buɗe, layin kafaɗa bai zauna a sukwaya ba, kuma in aka matse shi a haka ƙafar za ta tale ko ta shige ciki.

Sau da yawa kuma laifin ɗan tudu ne a lungun da kafaɗa ta haɗu da kunci, wanda zarto bai kai ba. Share lungun, har ma ka ɗan zurfafa cikin kafaɗar kaɗan yadda bakinta na waje ne zai fara dafawa. Amma idan ka rage tsawon wata ɗamara wajen gyaran kafaɗa, to ka rage abokiyarta daidai da haka, in ba haka ba firam ɗin ba zai zauna a sukwaya ba. Cusa garin katako da gam a ƙofar rufe ido ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi.

13. Na aske harshe ya yi sako-sako. Sai na sake sabon katako?

A'a. Yanko siririn ɓalli daga irin katakon, jijiyarsa ta bi ta harshen, manna shi a kuncin da ka cinye, matse shi ya kwana, ka sake askewa zuwa layi. Farin gam ba ya cike gurbi da ƙarfi, yana son katako ya taɓa katako, don haka ƙara yawansa ba ya maganin sako-sako. Idan ramin ne ya lalace, a daidaita bangonsa ko da ya ƙara faɗi, sannan a yi wa harshen ƙari ya cika shi.

14. Gam kaɗai ya isa, ko sai an ƙara fegi?

Haɗin da ya zauna daidai a busasshen katako, farin gam ɗin katako ya ishe shi. Fegi yana da amfani ga teburin da zai sha ja, kamar na makaranta ko na shago, da inda babu dogayen kilam. Akwai dabarar da ke sa fegin ya jawo kafaɗa da kansa. Kafin a sa harshe, huda ƙafa daga fuskar waje da baki na 6, nesa da bakin rami da 12, ya ratsa ramin ya shiga ɗaya bangon, zurfi kamar 40. Sa harshen a bushe, tura bakin diril ya yi masa ɗigo, zare shi, sai ka huda harshen ba a kan ɗigon ba, ka matso wajen kafaɗa da milimita ɗaya da rabi. Fegin da aka fiƙe bakinsa, idan aka buga, zai lanƙwasa ya bi ramukan da suka saɓa, ya ja ɗamara ta manne da ƙafa.

Kuskure biyu ake yi. A matsar da hudar wajen bakin harshe, sai fegin ya tura kafaɗa waje. Ko a matsar da yawa, 3 ko fiye, sai fegi ya karye ko bakin harshe ya ɓalle. Fegin a tsaga shi daga katako mai ƙwari mai miƙaƙƙiyar jijiya, ba a yanka da zarto ba, don tsagagge ba ya karyewa da wuri. Biyu a kowane harshe sun isa, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

15. Wane tsari ake bi wajen sa gam da matsewa?

Haɗa firam ɗin duka a bushe tukuna, da kilam da komai, ka ga ya zauna. Sannan a yi shi zango biyu. Zangon farko, ƙafa biyu da gajeriyar ɗamara, sau biyu. Shafa gam a bangon rami da ɗan tsinke, siriri a kumatun harshe, kada a tuttula a rami. Sa guntun katako tsakanin kilam da ƙafa, kuma kilam ya zauna daidai layin ɗamara. Idan ya sauka ƙasa zai jawo ƙafafu ciki, idan ya hau sama ya tale su. Auna tazarar ƙafafu a sama da ƙasa, dole su zo ɗaya, 530. Ɗaga ka hango ta gefe ka ga ƙafafun biyu sun ɓoye juna, babu murɗa. Iroko da tik suna da maiƙo, a sa musu gam ba da jimawa da yankewa ba, ko a goge kumatun da tina ya bushe.

Idan waɗannan sun kama, zango na biyu shi ne dogayen ɗamara, a kan daɓe mai lebur. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, ta waje: duka biyun su zo kusan 1278. Idan ɗaya ta fi, karkata kilam kaɗan su bi doguwar, ka ƙara matsewa har su daidaita. A zafin bazara ko bushewar hunturu farin gam yana fara kamawa cikin ƴan mintuna, don haka komai ya kasance a kusa, a yi a inuwa, da mutum na biyu. Goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma, domin busasshen gam yana hana fenti da vanish kamawa. A bar kilam awa biyu aƙalla, kada a ɗora wa firam nauyi sai ya kwana ya wuni.

16. An gama, amma teburin yana ɗingishi da ƙafa ɗaya. Daga ina?

Kada ka yi saurin datse ƙafa. Fara gwada shi a wani wurin, don sau da yawa daɓen ne. Idan ɗingishin ya bi shi, kifa firam ɗin, ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu a kan gajerun ɗamara ka hango su daga nesa. Idan ba su kwanta a layi ɗaya ba firam ya murɗe, kuma asalinsa ɗamara mai murɗa ce, ko harshen da aka aske a karkace. Murɗa ƙarama takan tafi idan aka ɗaura saman tebur. Wadda ta rage, a tsayar da teburin a wuri mai lebur, a cusa ɓalli ƙarƙashin ƙafafun da ke reto har ya daina motsi, a kwantar da fensir a kan ɗan katako a zagaye kowace ƙafa da layi, a yanke huɗun a kan layin.

17. Yaya ake ɗaura saman teburin ba tare da an ɓata haɗin ba?

Saman da aka yi da katako tsantsa mai faɗin 750 yana iya buɗewa da tsukewa milimita 5 zuwa 10 tsakanin damina da hunturu, gajeriyar ɗamara kuwa tsawonta ba ya motsi. Idan aka manne su da gam ko aka kafe da ƙusa, ɗaya zai ba da kai: ko saman ya tsage, ko ya ture mahaɗar ƙafafu. Shi ya sa ake fafe ƴar kwata a cikin ɗamara, kamar 12 ƙasa da bakinta na sama, a yi ƴan maɓallan katako masu leɓe, leɓen ya shiga kwatar, jikin kuma a ɗaure shi da sukuru ɗaya a ƙasan saman. Uku a kowace doguwar ɗamara, biyu a kowace gajera. A dogayen gefuna kada leɓen ya kai ƙarshen kwata, a bar masa kamar 5 na kai da komo. Kwatar tun kafin a sa gam ake fafe ta, lokacin da ɗamara ke kwance a benci. Saman filawud bai da wannan motsi, shi ana iya ɗaure shi da sukuru kai tsaye ta cikin ƴan katakon kusurwa.